Janareta Ko Sola: Yadda Ake Lissafin Kuɗin Wuta Na Awa Guda

Tun ranar 29 ga Mayu ta shekarar 2023 da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin masu ƙananan sana'o'i ya sauya. Litar da ake saye kusan Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a garuruwa da dama. A Yola da Jimeta, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, mai shago ba ya iya zama babu fanka idan wutar Kamfanin Rarraba Lantarki na Yola ta ɗauke. Saboda haka jama'a ke tambaya: shin a ci gaba da janareta ne, ko a haɗa kuɗi a sayi sola?

Duba farashin kanti ba ya amsa wannan tambaya, domin janareta yana da arha ranar saye, sola kuwa tana da tsada a ranar. Hanyar da ta dace ita ce a mai da kowannensu kuɗin awa guda, sa'an nan a gwama.

Abin da janareta ke ci

A ɗauki misalin wani mai aski a Jimeta. Yana da fanka biyu, da ƙwai huɗu, da kilifa biyu, da talabijin, yana kuma yi wa mutane cajin waya. Dukansu suna jan wat 300. Yana buɗe shago daga ƙarfe 2 na rana zuwa 10 na dare, kwana 26 a wata, watau kimanin awa 2,500 a shekara. Farashin da za a yi amfani da shi a nan na misali ne, sai mai karatu ya sa na kasuwarsu a gurbinsa.

Da farko a auna mai, kada a yi kirdado. A cika tanki, a kunna duk kayan da aka saba kunnawa har awa biyu, sa'an nan a sake cikawa da gorar da aka san yawan abin da take ɗauka. Ƙaramin janareta irin wanda ake gauraya masa baƙin mai a cikin fetur yakan sha wajen rabin lita a awa. In lita tana Naira 1,000, an kashe Naira 500 ke nan. A ƙara Naira 50 ta baƙin mai da fulogi da ladan bakanike. Shi kansa injin ƙarewa yake yi: in an saye shi Naira 150,000 ya yi aikin awa 3,000, kowace awa ta ci Naira 50 daga kuɗinsa. Jimla Naira 600 a awa, ko Naira miliyan ɗaya da rabi a shekara.

Abin lura a nan shi ne, ko da mai askin ya kashe talabijin da fanka ɗaya, shan man ba zai ragu da rabi ba, domin injin yana ƙona mai mai yawa wajen juya kansa kawai.

Girman solar da za ta ɗauki shagon

Wat 300 sau awa 8 ya ba da 2,400, wannan ce wutar da shagon ke bukata a yini. Ana ƙiyasta hasken rana mai ƙarfi na Yola da awa 5 a yini, amma wajen kashi 30 cikin 100 na wutar yakan salwanta saboda zafin faranti da ƙura da waya da caji. Don haka farantin sola biyu masu wat 400 kowanne za su wadatar. A fuskantar da su kudu, a ɗan karkata su yadda ruwan sama zai riƙa wanke su.

Awa huɗu na bayan faɗuwar rana kuwa batir ne zai ɗauka, watau kusan 1,400 in an haɗa da abin da infata ke ci. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 220 yana riƙe 2,640, amma rabin wannan kaɗai ake so a zuƙa in ana son ya daɗe. Guda ɗaya zai yi kaɗan, musamman a ranakun hadari na watan Agusta, saboda haka biyu ake bukata.

A ce faranti sun ci Naira 240,000, infata mai haɗe da na'urar caji Naira 300,000, batura biyu Naira 600,000, waya da ƙarfen ɗaurawa da ladan aiki Naira 160,000. An kashe Naira 1,300,000. Sai a raba kuɗin kowane abu da shekarun da zai yi. Faranti shekara 20, watau Naira 12,000 a shekara. Infata shekara 5, Naira 60,000. Waya da ƙarfe shekara 10, Naira 16,000. Batura shekara 3, Naira 200,000. Jimla Naira 288,000 a shekara, in an raba da awa 2,500 sai a sami Naira 115 a awa.

Bisa wannan misali, kuɗin fetur da baƙin mai da gyara na shekara ɗaya, watau Naira 1,375,000, ya isa ya sayi solar gaba ɗaya. Wanda zai ci bashi ya saya kuwa, lalle ne ya ƙara abin da za a ɗora masa a kan bashin cikin lissafi.

Batir shi ne gaɓar lissafin

Mai karatu zai lura cewa Naira 80 daga cikin 115 ɗin nan ta batir ce. A nan ne zafin Yola ke yin ɓarna, domin masana sun tabbatar da cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yakan rage kwanan batir mai ruwa da kusan rabi. Batirin da aka ajiye a lungun shago mai rufin kwano, aka bar ruwansa ya ƙafe, ana kuma zuƙe shi har infata ta yi kuka kowane dare, zai iya mutuwa cikin wata 18. In haka ta faru, kuɗin awa ya tashi zuwa Naira 195. Har yanzu bai kai na janareta ba, sai dai neman Naira 600,000 a lokaci guda ba ƙaramin abu ba ne. Dabarar ita ce a riƙa ware kimanin Naira 17,000 kowane wata daga kuɗin da a da ake kai wa gidan mai.

Ana gane halin batir da mita, bayan an cire masa kaya ya huta 'yan sa'o'i. In ya nuna bolt 12.7 a cike yake, in ya nuna 12.2 ya kai rabi, nan ya kamata a tsaya. Alamar tsufa ita ce ya cika da sauri da hantsi, ya kuma ƙare da wuri bayan magariba. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, a duba ruwansa kowane wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, ban da na rijiya ko na famfo. Batirin litiyam ya fi tsada, amma ana iya zuƙar kashi 80 cikin 100 nasa, kuma yakan yi caji sau dubbai kafin ya gaji, don haka ya cancanci a yi masa irin wannan lissafi. A lokacin hunturu a share faranti da ruwa da sassafe ko sau ɗaya a mako.

Inda janareta ke da sauran amfani

Ribar sola tana tafiya ne da yawan awannin aiki. Magidancin da ke samun wutar kamfani, yake tayar da inji awa biyu kacal a yini, awa 730 ke nan a shekara. In ya sayi irin solar mai askin, batir zai tsufa ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba, kuɗin awa kuma zai kai kimanin Naira 395. Irin wannan mutum ƙaramar sola ta ishe shi. Haka nan dutsen guga, wanda shi kaɗai yakan ja wat 1,000, da famfon jan ruwa da injin walda sun fi ƙarfin wannan haɗi. In aikinsu na ɗan lokaci ne, a tayar musu da janareta mai ƙarfi a waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa cikin ɗaki rufaffe.