Yadda ake haɗa soket ɗin intanet na bango: ka zaɓi A ko B, sannan ka tsaya a kai

Duk lokacin da muka gwada sabuwar rauta, tambayar da ta fi dawowa ita ce: waifai ba ya kaiwa ɗakin ciki, na ja kebul zuwa can, to yaya zan haɗa shi da soket na bango? A bidiyo hannu yana sauri, launukan kuma ba sa fitowa sosai, shi ya sa na ga gara in rubuta shi dalla-dalla yadda mutum zai buɗe a waya yana dubawa yana aiki.

Darasin gaba ɗaya magana ɗaya ce. Tsarin jera launuka biyu ne, T568A da T568B. Dukansu daidai ne, babu wanda ya fi wani gudu. Matsala tana zuwa ne idan ka yi A a wannan bakin kebul, ka yi B a wancan.

Abin da ke cikin kebul ɗin

Idan ka feƙe rigar kebul na Cat5e ko Cat6, za ka tarar da siraran wayoyi takwas, an tufke su biyu-biyu, wato tagwaye huɗu: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa. Kowane launi yana da abokin tafiyarsa, fari mai ratsin wannan launin.

Tufkar nan ba ado ba ce. Saƙo yana tafiya a kan wayoyi biyun lokaci guda, ɗaya kishiyar ɗaya, na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu take karantawa. Idan hayaniyar lantarki ta shigo daga waje, tana taɓa su biyun kusan daidai saboda a murɗe suke da juna, sai ta ɓace wurin ɗaukar bambancin. Da zarar ka raba tagwaye, ko ka warware tufkar da yawa, ka cire wannan kariya. Ka riƙe wannan, don kusan duk ƙa'idar da za ta biyo baya daga nan ta fito.

Jerin biyu

Bakin soket na RJ45 yana da haƙora takwas, daga 1 zuwa 8. Ga jerin B:

1. fari mai ratsin lemo
2. ruwan lemo
3. fari mai ratsin kore
4. shuɗi
5. fari mai ratsin shuɗi
6. kore
7. fari mai ratsin ruwan ƙasa
8. ruwan ƙasa

Jerin A shi ne wannan ɗin dai, illa kore da lemo sun yi musayar wuri: kore ya koma 1 da 2, lemo ya koma 3 da 6. Shuɗi da ruwan ƙasa ba sa motsi ko kaɗan.

Wani zai ce me ya sa tagwayen 3 da 6 suka buɗe ƙafa suka saka shuɗi a tsakiya? Gado ne daga wayar tarho, inda layin farko ke zama a haƙora biyu na tsakiya, layi na biyu kuma ya kewaye shi.

To wanne za ka ɗauka? Idan gidan yana da soket da aka riga aka haɗa, kwance ɗaya ka leƙa bayansa, ka bi abin da ka tarar. Idan sabon aiki ne, ni B nake yi, don a nan Birtaniya shi na fi cin karo da shi, kuma yawancin gajerun kebul na kanti da shi ake jera su. Lantarki bai san launi ba. Abin da yake so kawai shi ne haƙori na 1 ya isa na 1 a ɗaya ɓangaren, na 2 ya isa na 2, har zuwa 8, kuma tagwaye su kasance tare.

Daga nan za ka fahimci wani abu da ke rikita mutane. Gajeren kebul da kake jonawa daga bango zuwa kwamfuta ba dole ba ne jerinsa ya dace da na bango. Idan shi A ne baki biyu, na bango kuma B ne baki biyu, komai zai tafi lafiya. Kowane kebul da kansa ne ake so bakinsa biyu su yarda da juna.

Aikin kansa

Kana buƙatar abin feƙe kebul, ƙaramin almakashi, madannin waya mai reza a baki, da tasta mai fitilu takwas. Kebul ɗin bango ya zama mai tagulla ƙwaya ɗaya a cikin kowace waya, ba mai gashi-gashi ba, don haƙoran bayan soket don shi aka yi su. Idan ka ga an rubuta CCA a kwali, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, yana saurin karyewa, ka bar shi. Tsawon da ke cikin bango kada ya wuce mita 90, don da gajerun kebul na baki biyu duka a tsaya a mita 100. Idan gidan haya kake, nemi izinin mai gida kafin ka huda bango, kuma ka cire ɗaya bakin kebul daga rauta kafin ka fara.

Da farko ka feƙe rigar waje kamar santimita 4. Kewaya abin feƙewa sau ɗaya a hankali, sannan ka lanƙwasa rigar ta tsage da kanta. Duba wayoyin: idan reza ta ci ɗaya har tagulla ta leƙo, yanke wurin ka sake. A Cat6 sau da yawa akwai wata roba mai siffar gicciye a tsakiya, ka datse ta daidai bakin rigar.

Yanzu juya soket ɗin. Za ka ga tambarin launuka layi biyu, ɗaya da harafin A, ɗaya da B. A nan ne mutane suka fi zamewa. Ramukan bayan soket ba a jere suke 1 zuwa 8 kamar haƙoran gaba ba, kowane kamfani da yadda yake tsara nasa, akwai 'yar hanya a ciki da ke kai kowace waya haƙorinta. Don haka kada ka bi jerin da ka haddace daga hagu zuwa dama. Bi tambarin. Ni nakan rufe layin A da ɗan salatif kafin in fara, ido ya daina ganinsa gaba ɗaya.

Kawo bakin rigar kebul har cikin tsakiyar soket, ka kwantar da kowane tagwaye kusa da raminsu. Warware tufkar iya abin da zai bar waya ta shiga rami, kada ya wuce milimita 13, idan ya gaza haka ma ya fi. Saka waya da rigarta, ba a feƙe ta: ramin yana da ƙarfe mai kaifi da zai tsaga robar ya kama tagullar.

Sai dannawa. Ɓangaren reza na madannin ya kalli waje, wajen rarar da kake son zubarwa. Idan ka juya shi, wayar da kake buƙata ce za ka datse. Danna a miƙe har ka ji ƙas, rarar ta faɗi. Ka gama takwas ɗin, ka ɗaure kebul da abin riƙewa na jikin soket, sannan ka mayar da shi cikin akwatin bango ba tare da ka karya shi kwana mai tsini ba. Je ɗaya bakin ka maimaita da harafi ɗaya, ka rubuta harafin a bayan murfin don wanda zai zo bayanka.

Yadda ake karanta tasta

Kwanakin baya wani ɗan uwa da muke karatu tare ya kira ni gidan da ya kama, mai soket biyu da ya tarar an riga an haɗa, dukansu sun taru kusa da rauta. Na ɗaki ɗaya yana aiki amma a hankali. Muka duba a kwamfutarsa mai Linux:

```
ip link
sudo ethtool enp3s0 | grep Speed
```

Umarni na farko yana nuna sunan ƙofar kebul ta kwamfutarka, sai ka sa shi a madadin `enp3s0`. Amsar da ta fito ita ce `Speed: 100Mb/s`, alhali rauta da kwamfuta duk na gigabit ne. Masu Windows za su ga irin wannan da `Get-NetAdapter` a PowerShell, ƙarƙashin `LinkSpeed`.

Wannan lamba kaɗai ta ba mu hanya. Gudun megabit 100 tagwaye biyu kawai yake amfani da su, 1 da 2, sai 3 da 6. Gigabit kuwa sai da huɗun duka. Idan shuɗi ko ruwan ƙasa ya yanke, na'urori da yawa sukan sauko 100 shiru, ba gargaɗi. Muka jona tasta, fitilu suka bi layi, ta 7 ba ta kama ba. Da muka kwance murfin, fari mai ratsin ruwan ƙasa yana zaune a saman raminsa, ba a danna shi ya shiga ba. Danni ɗaya, gudun ya koma `1000Mb/s`.

Soket na biyu fitilunsa duka sun kama, amma ga yadda suka bi a ƙaramin ɓangaren tastar: 3, 6, 1, 4, 5, 2, 7, 8. Duk inda ka ga wannan jeri, A ne a baki ɗaya, B a ɗayan. Abin mamaki shi ne yana aiki a haka, saboda na'urorin zamani suna da Auto MDI-X, suna gane an juya su gyara da kansu. Duk da haka muka sake haɗa shi. Ranar da aka jona tsohuwar kwamfuta da tsohuwar rauta waɗanda dukansu ba su da wannan dabara, fitila ba za ta kama ba, kuma mutum zai wuni yana zargin na'urar alhali laifin yana cikin bango.

Akwai kuskure na uku da ƙaramar tasta ba ta gani sam. Mutum ya yi watsi da tambari, ya jera tagwaye gefe da gefe, kore a 3 da 4, shuɗi a 5 da 6, kuma ya yi haka a baki biyun. Fitilu za su bi 1 zuwa 8 tsaf, don kowane haƙori ya isa ɗan uwansa. Amma saƙon 3 da 6 yanzu yana kan wayoyi biyu da ba a tufke su tare ba. A gajeren kebul zai iya lallaɓawa, a dogo kuwa sai yankewa da saukar gudu. Alamarsa ke nan: tasta ta ce lafiya, amma layin yana ta wasa. Maganinsa ido ne, ka buɗe baki biyun ka gwada kowace waya da tambarin, ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka ɗaure sukurori na ƙarshe, ka gwada da tasta, sannan ka duba gudun a kwamfuta. Idan fitilu sun bi 1 zuwa 8 kuma allo ya nuna `1000Mb/s`, rufe murfinka. Sai mun haɗu a darasi na gaba, inda za mu ɗaura kan RJ45 a bakin kebul.