Gibi da hawan iyaka a taswirar fulotai: a auna kafin a gyara

Fuloti biyu da ke maƙwabtaka katanga ɗaya ce ta raba su, amma a kwamfuta kowane fuloti da nasa zanen, don haka iyakar nan sau biyu ake zana ta. Idan layukan biyu ba su faɗa wuri ɗaya ba, ko dai a samu gibi, wato ɗan fili da babu mai shi, ko a samu hawa, wato filin da aka ba mutum biyu a lokaci guda. Akasari ido ba ya gani, domin tazarar santimita 20 a taswirar unguwa guda ko kaurin layin zanen ba ta kai ba.

A aikina na taswirar filaye, dokoki biyu nake fara sa wa kowane sabon zane. A QGIS, cikin Topology Checker, sunansu must not overlap da must not have gaps. ArcGIS ma yana da su da suna iri ɗaya. Kafin su nakan gudanar da must not have invalid geometries, saboda fulotin da layinsa ya harɗe da kansa yakan rikita sauran binciken. Nakan kuma tabbatar duk zanen yana kan ma'aunin mita, kuma kan tushe ɗaya. Tsofaffin takardun safiyo a Najeriya bisa tushen Minna aka yi su, na'urorin yanzu kuwa WGS 84 suke bayarwa. In aka gauraya su ba a juya ba, sai ka ga jerin fulotai gaba ɗaya ya zame da gomman mitoci zuwa gefe guda. Wannan ba gyaran iyaka yake buƙata ba, juya lissafin ne maganinsa.

Ga misali. Jerin fulotai ne masu mita 15 a 30, abin da dillalai ke kira hamsin a ɗari. Bincike ya fito da kurakurai uku da jan launi, duk iri ɗaya a allo. Ba na taɓa ko ɗaya sai na san kaurinsa. Nakan fitar da tsagin a matsayin zane mai zaman kansa, in lissafa:

```
2 * $area / $perimeter
```

Ga dogon tsagi siriri, wannan yana ba da kusan matsakaicin kaurinsa. Na farko hawa ne mai murabba'in mita 6 a tsawon mita 30, kaurinsa santimita 20 ke nan. Wannan hannun mai zane ne: ya ajiye kusurwa kusa da ta maƙwabci bai manna ta ba. Sai a duba lambobin dutsen iyaka a takardar safiyo, a kunna Topological Editing, a ja kusurwoyin biyu zuwa wurin da lambobin suka nuna. Ba a zaɓar fulotin da zai ci tsagin don shi ne ya fi kusa da hannu.

Na biyu ma hawa ne, amma murabba'in mita 60, wato mita 2 a tsawon katanga. Hannu ba ya zamewa haka. Da aka ɗauko fayil, sai ga takardun safiyo biyu, kowace da sa hannu, kowace ta shigar da tsagin cikin nata fulotin. ArcGIS zai ba ka Merge, dannawa ɗaya jan launin ya ɓace, amma ka rage wa wani mutum fiye da kashi 13 cikin ɗari na filinsa ba da saninsa ba. Irin wannan barinsa ake yi yadda yake, a yi masa alama, a tura safiyo ya sake awo a gaban masu filin biyu da mai unguwa. Ma'aikacin taswira ba alƙali ba ne.

Na uku gibi ne mai faɗin mita 3, kuma lungu ne da magudanar ruwa ke bi. Dokar ba ta san lungu ba, fanko kawai ta gani. Ko a zana shi a matsayin hanya, ko a sa masa Mark as Exception a ArcGIS, kamar yadda ake yi wa layin da ya zagaye unguwar ta waje, wanda kullum yake fitowa a matsayin kuskure.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen neman sauri. Wani zai ɗaga tazarar mannewa daga milimita 1 da ArcGIS ke zuwa da ita zuwa mita guda, don kurakuran su shafe kansu. Za su shafe, amma duk kusurwoyin da ke kusa da juna za su haɗe, har da waɗanda suke daidai tun farko, gajerun iyakoki kuma su ɓace. Shi ya sa nake ajiye faɗin kowane fuloti a wani gurbi na daban kafin gyara, bayan gyara in kwatanta shi da sabon faɗin da kuma na takardar mallaka. Duk fulotin da ya motsa fiye da kuskuren awon da aka yarda da shi, fayil ɗinsa nake sake buɗewa, sannan in maimaita dokokin biyu, domin jan kusurwa ɗaya yakan buɗe sabon gibi a fulotin da ke baya.