Addu'ar Ɗan Lakwal a Daren Jarrabawa

Ɗana, gobe ne jarrabawar fita kwaleji, barci kuwa ya ƙi zuwa? Buɗe Yaƙub 1:5. Can Allah ya yi alkawari zai ba mai roƙo hikima, ba gori. Amma ka lura, addu'a ba laya ba ce, ba ta ɗaukar wurin karatu. Ka durƙusa, ka ce:

"Ya Uba, ina jin tsoro. Lissafi yana yi mini wuya, iyayena kuwa sun sa rai gare ni. Ka kwantar da zuciyata. Ka tuna mini da abin da na koya. Ka tsare idona daga takardar maƙwabcina. Ko na ci, ko na faɗi, ni naka ne. Cikin sunan Yesu, Amin."

To, je ka kwanta.