Sikana tana ganin abin da ya rage ne, ba abin da aka ƙera ba

Bayan girbin shinkafar bara wani dattijo mai injin casa ya taso daga Bungudu ya same ni a Gusau, ɗauke da wani ƙarfe a cikin buhun taki. Gidan boris ne na zubi, wanda ke riƙe da sandar injin ta wajen da bel ke ja. Injin ya tsufa, kayansa sun daina shigowa kasuwa. Ya ce min, "Injiniya, an ce kana da na'urar da ke ɗaukar hoton ƙarfe ta fitar da irinsa sak. Irin wannan nake so, kada a ƙara kada a rage." Na ce masa, "Baba, in na yi maka irinsa sak, to na cuce ka."

Ashe an riga an yi masa hakan sau ɗaya. Ya kai tsohon wajen wasu masu zubi, suka danna shi a yashi suka zuba sabo. Bai yi wata guda ba ya cinye boris biyu. Wannan kuskuren ne nake son jan hankalin matasan injiniyoyinmu a kai, domin yanzu da sikana ta fara shigowa hannunmu, ana maimaita shi a kwamfuta, kuma da yake yana fitowa da lambobi masu kyan gani, ba wanda ke zarginsa.

Abin da sikana ke ba ka tarin ɗigo-ɗigo ne, miliyoyi, kowane ɗigo da matsayinsa a tsawo da faɗi da tsayi. Idan manhaja ta haɗa su, sai ta saƙa raga ta ƙananan kusurwoyi uku-uku, wato fayil ɗin STL. Ragar nan ba ta san rami ba, ba ta san da'ira ba. Tsatsa, da gurbin guduma, da wurin da boris ya ci, duk ɗaya suke a wajenta. Shi kuwa zanen CAD mai tsabta, wanda za ka fitar a matsayin STEP ka miƙa wa mai feƙe ƙarfe, cewa yake: nan rami ne mai faɗin kaza, tsakiyarsa ɗaya da ta wancan, fuskar nan a miƙe take. Tsakanin biyun nan aikin injiniya yake, kuma babu maɓallin da za ka danna ya yi maka shi.

Na fara da wanke ƙarfen da kananzir da buroshin waya har giris ɗin shekaru ya fita, don sikana za ta auna dattin ne a matsayin ƙarfe. Wuraren da suka goge suna sheƙi na fesa musu farar hoda siririya, saboda ƙarfe mai ƙyalli yana watsa haske ya haifar da ɗigon ƙarya. A cikin ɗaki na yi aikin, an rufe taga. Hasken ranar Gusau yana kashe wa irin wannan na'ura ido. Na ɗauka ta sama, na kifa na ɗauka ta ƙasa, sannan na haɗa ɓangarorin a CloudCompare, wadda kyauta ce. Da farko na zaɓi wurare huɗu da hannu, sannan na bar ICP ta ƙarasa daidaitawa. Na share teburin da ya shigo hoton, na tace ɗigon da suka yi tsalle da SOR. A nan kada ka matsa wa tacewa ko gogewa, domin suna cinye kaifin baki, gobe ka ɗauka asalin ƙirar ce mai lanƙwasa.

Sai babbar tambaya, wadda ita ce rabin aikin: ina ne bai ci ba?

Kowane ƙarfe da ya yi aiki yana da wurin da aka bari lafiya. A wannan gidan boris, fuskar da ke manne da jikin injin ba ta taɓa motsi ba, har layin haƙorin injin da ya feƙe ta ana gani. Haka ma ɗan tudun da'ira da ke shiga ramin jikin injin ya zaunar da shi a tsakiya. Waɗannan biyun na ɗauka madogara: fuskar ta ba ni shimfiɗa, tudun ya ba ni layin tsakiya. Duk sauran awo daga gare su na fara. Wanda ya bar manhaja ta daidaita ƙarfen gaba ɗaya da kanta, to ya raba cin ne ga ko'ina, wurin da ya lalace ya ja mai lafiya.

Ga abin da ya faru da ramin boris. Da na ce manhaja ta dace min da silinda a kan dukkan ɗigon ramin, ta ba ni faɗin milimita 62.35, babu wani ƙorafi. Wanda bai sani ba zai rubuta wannan lamba ya wuce. Amma da na yanka hoton gida-gida na duba, sai ga ramin ya zama kamar ƙwai. Ta gefe zuwa gefe 62.05 ne, ta wajen da bel ke ja kuwa ya kai 62.55. Zoben boris ya daɗe yana rawa a ciki, yana cin gefe ɗaya. Mafi muni, tsakiyar silindar da manhaja ta ba ni ta gusa wajen milimita 0.27 zuwa ɓangaren bel. Lambar 62.35 ba ta taɓa zama ainihin faɗin ramin ba. Matsakaiciya ce tsakanin lafiya da lalacewa. Da na yi amfani da ita, sabon gidan zai fito da rami mai faɗi kuma a karkace, boris ya zauna sako-sako, sanda ta kwanta a gicciye. Dalilin cinye boris biyu ke nan.

Na koma na zaɓi rabin ramin da bel bai ja ba, da wani siririn zobe can ciki kusa da kafaɗa inda boris bai kai ba, na sake dacewa da su kaɗai. Tsakiyar ta dawo kan layin tudun. Sannan na tambayi dattijon tsohon boris. Allah Ya taimaka yana aljihunsa, naɗe a leda. A jikinsa an buga 6206. Duk boris mai wannan lamba a duniya raminsa milimita 30 ne, bayansa 62, kaurinsa 16. Magana ta ƙare: ramin gidan 62 ne. Na rubuta 62 H7, wato tsakanin 62.000 da 62.030.

A lura da wannan tazara, milimita 0.03. Ƙananan sikanonin hannu da muke iya saye, kuskurensu ya kan kai 0.05 zuwa 0.1, kuma hodar da ka fesa ma tana da nata kauri. Ke nan sikana ba ta isa ta yanke hukunci a kan mazaunin boris ba. Takan nuna maka siffa, ta nuna inda ya ci da yadda ya ci. Lambar ƙarshe kuwa daga maikuromita take fitowa, da littafin boris. Ko a nan ma a bar ƙarfe ya huce tukuna. Ana rubuta awo ne a kan zafin digiri 20, kuma ramin 62 da ya sha ranar bazara har ya ɗara na'urar awonka da digiri 20 zai buɗe da kusan 0.014, rabin tazarar da aka ba ka.

Tudun nan da na dogara da shi ya kusa yaudarata ta wata hanyar. Sikana ta ce 88.85. Hannuna har ya kai ga rubuta 89, tunda ɗabi'armu ce mu cike lamba. Sai na duba ramukan ƙusoshi huɗu, waɗanda suka ɗan tsawaita saboda girgiza, na ga da'irar da suke kai tana yawo tsakanin 113.9 da 114.8. Na raba da 25.4. Tudun inci uku da rabi ne, wato 88.9, da'irar ƙusoshi inci huɗu da rabi, 114.3. Tsofaffin injinan da suka zo mana daga Ingila da Indiya da yawansu haka suke, jiki da inci, boris da milimita. Da na rubuta 89, da tudun ya ƙi shiga, kuma na san abin da zai biyo baya: guduma. Washegari na hau mota zuwa Bungudu na auna ramin jikin injin da hannuna, ya tabbata 88.9 da ɗan kaɗan. Abokin zaman ƙarfe yakan faɗi gaskiyar da shi kansa ya manta.

Zanen na yi shi daga farko a FreeCAD. Ban mayar da ragar ta zama jiki ba. Na ajiye ta a baya kamar inuwa, na zana rabin yankan, na juya shi a kan layin tsakiya, na huda ramuka huɗu a tazara ɗaya. Haƙarƙarin ƙarfafawa da lanƙwasar zubi, waɗannan na bi sikana, domin a wajensu rabin milimita ba ya hana komai, kuma a nan ne na'urar ta fi kowane ma'auni amfani.

Daga nan na ɗora tarin ɗigon a kan sabon zanen don ganin taswirar bambanci mai launi. Mutane da yawa suna son ta fito launi ɗaya tas. A kan ƙarfen da ya ci, hakan alamar ka kwafi lalacewa ce. Taswira mai kyau ita ce wadda wuraren madogara suka zauna daidai, ta nuna rashin ƙarfe a inda hankali ya yarda: gefen bel, bakin ramukan ƙusoshi. Idan kuwa ta nuna tsohon ya fi zanenka ƙarfe a wurin da ke gogayya, tsaya. Ci ba ya ƙara nama. Ko dai tsatsa ce, ko tsohuwar walda, ko daidaitawarka ta karkace.

Zane biyu na fitar. Ɗaya na gamammen ƙarfe, ɗaya na samfurin zubi, wanda na ƙara masa kashi 1 cikin 100 saboda ƙarfen zubi yana tsukewa in ya huce, na kuma bar milimita 3 a duk fuskar da za a feƙe. Masu zubin farko ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, tunda tsohon suka danna a yashi. Na kuma rubuta wa mai feƙewa cewa ya yi ramin boris da tudun a ɗauri ɗaya, kada ya kwance, don tsakiyarsu ta zama ɗaya.

Ba kowane aiki ne ke bukatar wannan doguwar hanya ba, kuma ba na ɓoye wa mutane. Wani mai injin niƙa daga Tsafe ya kawo min sanda miƙaƙƙiya mai gurbin maɓalli ɗaya, na ce ya bar kuɗinsa, maikuromita da takarda sun isa. Wani lokaci ma a buɗe ramin a dasa zobe ya fi arha, in bangon yana da kauri bai tsage ba. Na dattijon Bungudu ya tsage ta wajen ƙusa ɗaya, shi ya sa muka yi sabo.

Masu injin casa da niƙa da famfon ban ruwa, roƙona gare ku shi ne: in ƙarfe ya lalace za ku kawo a kwafa, kada ku bari a goge shi ko a cika shi da walda tukuna. Ku haɗo da tsohon boris ko da ya farfashe, da ƙusoshinsa, da abin da yake zama a kai in zai ɗauku. Ku kuma sa alli ku nuna mana gefen da bel yake ja.