Yadda Mai Ɗaukar Ma'aikata Zai Gano Ka a LinkedIn: Darasin da Na Koyo a Challawa

Bayan na gama ND a fannin lantarki, na yi shekara guda ta IT a wata masana'antar robobi da ke Challawa, a nan ƙaramar hukumar Kumbotso. Daga gidanmu a Panshekara ba nisa, wani lokaci ma da keke nake zuwa. Saura kamar wata biyu in gama, aka aike ni ofishin kula da ma'aikata in gyara wani soket da ke yin tartsatsi. Ina durƙushe ina aiki, Hajiyar da ke riƙe da ofishin tana ta ƙorafi a waya cewa ana neman mai kula da injina mutum biyu, kuma takardun da aka tara a bakin get babu na ɗauka.

Da ta ajiye wayar sai na yi ƙarfin hali na ce, "Ranki ya daɗe, ai ni ma ina LinkedIn."

Ta ce, "To, bari mu gani ko zan same ka." Ba ta tambayi sunana ba, kuma wannan shi ne darasin farko. Ga abin da ta rubuta a gurbin bincike:

```
"electrical technician" OR "maintenance technician"
```

Sannan ta zaɓi `People`, ta sa Kano a wajen `Locations`. Mutane suka fito, muka yi ta saukowa har shafi na uku, babu ni babu alamata. Sai da na ba ta cikakken sunana sannan na bayyana, da hotona na ranar ɗaurin auren yayana, an yanke kafaɗar ango a gefe. A ƙarƙashin sunan kuma ga abin da na rubuta tun ina ND 1:

```
Student | Hustler | Future CEO
```

Hajiya ta yi dariya har da tafi. Ta ce, "Ɗana, wa ka taɓa ji ya zauna yana neman hosila?"

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, mai ɗaukar ma'aikata bai san da zamanka ba, don haka ba zai neme ka da suna ba. Sunan aikin da ke hannunsa yake rubutawa, wani lokaci ya haɗa da sunan inji ko wata manhaja, sannan ya tace da gari. Idan waɗannan kalmomin ba sa cikin furofayil ɗinka, ko kai ne na ɗaya a ajinku ba za ka fito ba. Idan kuma ka fito, abin da zai gani a jerin kaɗan ne: hoto, suna, gari, da layin nan da ke ƙarƙashin suna, wanda LinkedIn ke kira `Headline`. Ni kanu nake ce masa, kamar kanun labarai. Da shi ake yanke shawarar a buɗe ka ko a wuce.

Kanu yana ɗaukar harafi 220, amma kada wannan ya ruɗe ka. A waya ana datse shi, farkonsa kawai ake gani. Saboda haka sunan aikin da kake nema shi ne zai zo a gaba, ba sunan makaranta ba. Yawancinmu mun bar kanun da manhajar ta sa mana da kanta lokacin buɗe shafi, wato ɗalibi a makaranta kaza. Gaskiya ne kai ɗalibi ne, amma dubbai ne ke da wannan layin, kuma babu masana'antar da ke da gurbin aiki mai suna ɗalibi.

To a ina za ka samo kalmomin? Ba daga kanka ba. A daren nan na nemo tallan aiki guda goma na masana'antu, wasu na Kano, wasu na Legas da Kaduna, na ɗauki biro ina jan layi a ƙarƙashin duk kalmar da ta maimaitu. Na lura kusan babu mai neman injiniya a matakinmu, abin da suke rubutawa shi ne `technician`. Na kuma lura abin da mu a wurin aiki muke kira sabis, wato duba inji a kan lokaci tun kafin ya lalace, su `preventive maintenance` suke rubutawa. Wata goma ina yin wannan aikin duk ranar Asabar ban san shi ne abin da ake nema ba. Daga nan na sake kanuna:

```
Electrical Maintenance Technician | Motor control panels,
injection moulding machines, generators | ND Electrical | Kano
```

Ku lura da tsarin. Sunan aiki, sai abubuwa uku da hannuna ya taɓa da gaske, sai shaidar karatu, sai gari. Ɗan SLT da ya yi SIWES a majemar fata a Challawa ko a kamfanin ruwan leda a Sharaɗa zai fara da `Laboratory Technician` ko `Quality Control`, ya ambaci gwajin da ya saba yi. 'Yar akanta da ta zauna a sito a Bompai ta fara da `Accounts Assistant` ko `Store Officer`, ta sa `Excel` da duk manhajar da ta yi aiki da ita. Suna ɗaya ko biyu masu kusanci sun isa. Wanda ya rubuta shi mai gyaran wuta ne, mai zanen fosta ne, kuma dillalin filaye, ya gaya wa mai karatu cewa bai san abin da yake so ba.

Akwai wani ƙaramin abu da ya ɓoye ni ranar nan ko da kanuna ya yi kyau: a wajen gari `Nigeria` kawai na sa. Wanda ya tace da Kano ba zai ga wanda bai ce yana Kano ba. Gyaran bai kai minti ɗaya ba.

Sai taƙaitaccen bayani, sashen da ake kira `About`. A nan na fi shan wahala, domin na farko da na rubuta kwafo shi na yi daga takardar neman aikin wani abokina: matashi mai ƙwazo, mai gaskiya, mai iya aiki cikin matsi. Na kai wa Hajiya ta karanta, ta ce wannan layin ta gan shi ya fi a ƙirga, kuma har yau ba ta ga wanda ya rubuta cewa shi malalaci ne ba. Ta ce, "Gaya mini abin da ka yi da hannunka. Inji nawa? Wane iri? Me ya lalace ka gyara?"

Sashen yana ɗaukar harafi 2,600, amma layuka kaɗan na farko ne ke bayyana kafin mutum ya danna ya ga saura, kuma ba kowa ke dannawa ba. Don haka na zuba mafi nauyi a jimloli biyun farko:

```
Electrical technician with one year of factory experience in
Challawa, Kano. I maintained motor control panels on six
injection moulding machines and traced faults on night shift.
```

Babu gaisuwa, babu tarihin haihuwa. A sakin layi na biyu na ba da labarin aiki guda ɗaya. Akwai injin da ke yawan katsewa da rana tsaka, an canza masa rile har sau biyu bai daina ba. Ni da ogana muka auna wutar da yake ja a kowane layi cikin ukun, muka ga ɗaya ya bambanta, muka bi waya har muka tarar da wata mahaɗa da ta saki tana zafi a cikin fanel. Muka ɗaure ta, katsewa ta tsaya. Na rubuta shi a jimla uku, kuma na ce tare da ogana muka yi, domin haka aka yi. Labari ɗaya irin wannan ya fi jerin siffofi ashirin, saboda yana ba mai tambaya abin da zai tambaye ka, kai kuma ka san amsar. Na uku shi ne abin da nake nema: irin aikin, a wane gari, daga yaushe, da cewa ina iya aikin dare. Na rufe da adireshin imel mai ɗauke da sunana, na jingine tsohon nan mai laƙabin ƙwallo.

Ban sa adadin kayan da masana'antar ke bugawa ba, ban sa sunan abokan cinikinta ba, ban kuma ɗora hoton cikin ɗakin injina ba. Wannan sirrin masu wuri ne, kuma mai ɗaukar aiki yana lura da wanda bakinsa ba ya riƙe magana.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne `Open to work`. Za ka iya nuna shi ga masu ɗaukar aiki kawai, ko ga kowa, wanda shi ne ke sa koren zobe a hotonka. Zaɓin farko masu biyan kuɗin `LinkedIn Recruiter` ne ke ganinsa. Hajiyarmu kuwa da shafinta na kyauta take bincike, kuma ina zaton haka yawancin ƙananan ofisoshi suke. Ɗalibin da ba shi da ogan da yake ɓoye wa, ni a ganina ya buɗe wa kowa.

Kada in yi muku daɗin baki. Har gobe ayyuka da yawa a Sharaɗa da Challawa ta hanyar wanda ya san ka ake samu, ko ta takardar da aka manna a get. Furofayil ya fi amfani wajen manyan kamfanoni masu ofishin ɗaukar ma'aikata a wani gari, da kamfanonin da ake ba kwangilar nemo ma'aikata. Kuma da zarar ka fara fitowa a bincike, 'yan damfara ma za su gan ka. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na gwajin lafiya kafin a gana da kai, rabu da shi.

Yadda za ka san ko gyaran ya yi aiki: ari wayar abokinka, ka rubuta sunan aikin, ka tace da Kano, ka duba ko ka fito. A shafinka kuma akwai `Search appearances`, inda ake nuna maka sau nawa ka bayyana a bincike cikin mako. Nawa ya daɗe a sifili, bayan gyara ya fara motsi.

Wani ɗan ajinmu da ya ga haka sai ya kwafi kanuna, ya ƙara `PLC programming` don ya ga ana yawan nema. Shi aka fara kira, ba ni ba. A wajen ganawa aka buɗe masa kwamfuta aka ce ya karanta shirin da ke kan allo ya faɗi abin da zai sa moto ya tashi. Ya ce mini zufa ce kawai ta amsa. Ni saƙona ya zo bayan kusan wata uku, daga wani kamfanin nemo ma'aikata, lokacin na riga na koma HND. Na gaya musu sai na kammala. Mutumin ya ce ba laifi, ya ajiye sunana, amma kafin ya kashe waya sai da ya tambaye ni wane layi ne cikin ukun ya bambanta, kuma da me muka auna.