Rana Ma Tana Tsufa

Jama'a, ku sani rana tauraruwa ce kamar sauran taurari, kusancinta da mu ne ya sa ta fi su haske. Masana sun ce shekarunta wajen biliyan 4.6, ta kusa rabin rayuwarta ke nan.

Me ke riƙe da ita? A tsakiyarta zafi ya kai digiri miliyan 15. Wannan zafi da matsi su ke haɗe iskar haidirojin ta koma hiliyam, haske ya fita. Nauyin rana yana danna ta ciki, zafin yana tura ta waje, ba wanda ya rinjayi wani. Tauraro irinta yakan yi shekara wajen biliyan 10 a wannan hali.

To, idan haidirojin na tsakiya ya ƙare fa? Sai cibiyar ta tsuke ta ƙara zafi, ƙonewar ta koma kewayenta, jikin tauraron ya kumbura. Da ya kumbura sai bayansa ya huce, ya yi ja. Ku dubi ƙarfe a maƙera: ja bai kai fari zafi ba. Shi ne ake kira jan ƙato. Rana za ta kai wannan matsayi nan da shekara wajen biliyan 5, ta haɗiye duniyoyi biyu da suka fi mu kusa da ita.

Mai son gani da idonsa, ya bar fitilun Maraɗi a watan Janairu, ya nufi gonakin Tibiri ko Jiratawa bayan sallar lisha. Ya nemi Kaza da Ƴaƴanta a tsakar sama. Gabas da ita akwai tauraro mai ja-ja, wanda malamai ke kira Dabaran. Nauyinsa bai ɗara na rana da yawa ba, amma faɗinsa ya ninka nata sau 44, alhali bayansa bai kai nata zafi ba. Abin da ke jiran rana ke nan.

Daga baya, in zafin cibiya ya kai digiri miliyan 100, hiliyam ma sai ya kama, ya koma kabon da oksijin. Rana ba ta da nauyin da za ta ƙona waɗannan. Sai ta zubar da rigarta ta waje, cibiyar ta rage tsirara, girmanta kamar duniyarmu, nauyinta kuwa rabin na rana. Wannan shi ne farin wada, ba ya ƙona komai, sai hucewa sannu a hankali. Akwai irinsa kusa da tauraron Shi'ira, an fara ganinsa da madubin hangen nesa a 1862. Taurarin da suka ninka rana nauyi sau 8 ko fiye, su fashewa suke yi.

Saboda haka kada wani ya ruɗe ku cewa zafin bazara alamar tsufan rana ne. Haskenta na ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 ne kawai a shekara biliyan guda. Ku fita da yaranku ku nuna musu Dabaran.