Tuntuɓar Baƙo Mai Jawabi Kafin Ranar Taro

A ranar rabon kyaututtuka ko bikin Makon Hausa, galibi malamin Hausa ake ɗora wa nauyin gabatar da baƙo mai jawabi. Gabatarwar ba ta wuce minti biyu, amma ana shirya ta tun kimanin mako guda kafin taro, ta hanyar tuntuɓar baƙon da kansa. Ba a dogara da abin da aka ji a bakin wani, ko katin gayyatar wani taron da ya gabata, domin muƙamai suna sauyawa. Wanda yake muƙaddashi bara yana iya zama an tabbatar da shi bana, wani kuma ya yi ritaya.

Abu na farko da za a tambaya shi ne laƙabi. Mutum ɗaya yana iya kasancewa Alhaji, Farfesa, kuma mai riƙe da sarauta. Wani yana son a jero su duka, wani kuwa "Malam" kawai yake so, kuma ba hurumin mai gabatarwa ba ne ya zaɓa masa. Sarauta ta fi buƙatar kula. Bisa al'ada tana zuwa bayan suna, tana kuma tafiya da sunan masarautar da ta naɗa mutum, inda ɗafi -n ke haɗa su: Wazirin Katsina, Iyan Zazzau, Magajin Garin Sakkwato. Idan aka ce "Waziri" kawai a zauren da ke da waziri fiye da ɗaya, an haifar da ruɗani. Idan kuwa aka jingina sarautar ga wata masarauta daban, an ba mutum rawanin wani. Haka nan kalmomin girmamawa: Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne, Mai Martaba na sarakuna, Mai Girma kuma ana faɗarsa ga gwamna da hakimi da makamantansu. Ƙari ma kuskure ne. Wanda aka kira Farfesa alhali bai kai matsayin ba, an tilasta masa ya buɗe jawabinsa da gyara, ko ya yi shiru a gaban abokan aikinsa da suka san gaskiya.

Sai rubutun suna. A nan ɗaliban Hausa suka fi zamewa, saboda sun ƙoshi da ƙa'idojin rubutu, hannunsu na ƙaiƙayin gyara. Ƙa'ida ta ce a rubuta c ba ch ba, don haka Ciroma. Amma idan mai sunan Chiroma yake rubutawa a takardunsa, haka za a buga. Muhammad da Muhammadu da Mohammed asalinsu ɗaya, sai dai kowa da nasa. Sa'idu da Sa'adu kuwa sunaye biyu ne daban, wasali ɗaya ya raba su, kuma a waya kunne yakan kasa bambancewa. Saboda haka a roƙi baƙo ya rubuto sunansa a saƙo, a kwafa harafi da harafi, a tambaye shi ko yana sa lanƙwasa a ɗ da ƙ. Bayan an kai wa mai buga takarda, a sake dubawa, domin wasu nau'o'in haruffan kwamfuta sukan mayar da Ɗ wani ɗan akwati.

Batun bayanan da za a faɗa ya fi sauran nauyi, don abin da ya fita ta lasifika ba ya dawowa. Mu ɗauka makarantar 'yan mata ta gayyaci wata likita. Malami ya tattara cewa tsohuwar ɗalibar makarantar ce, an haife ta a shekara kaza, matar wani babban ɗan siyasa ce, tana da 'ya'ya huɗu, kuma ta taɓa faɗuwa jarrabawar shiga jami'a kafin ta ci a karo na biyu. Sai ya kira ta, bayan gaisuwa ya ce: "Ranki ya daɗe, ga abin da na shirya faɗa a kanki. Zan karanta, ki nuna mini abin da zan cire ko in ƙara." Tana iya cewa a bar shekarar haihuwa da lissafin 'ya'ya, kada kuma a ambaci maigidanta, domin da aikinta aka gayyace ta. Labarin jarrabawar kuwa tana iya cewa ita za ta ba da shi da bakinta a cikin jawabi, don shi ne ginshiƙin nasiharta ga ɗalibai. Da malami ya riga ta faɗa, da ya tona abin da ba nasa ba, ya kuma rushe mata jawabi.

A lura cewa kunya takan hana baƙo cewa "a'a" kai tsaye. Idan aka karanta wani bayani ya yi jim, ko ya ce "to, duk yadda kuka gani," a cire wannan bayanin. Idan baƙon basarake ne, ta hannun sakatarensa ake bi, amma a nemi amsa a rubuce. A ƙarshe a tura masa gyararren rubutun, ranar taro kuma a sake tambayarsa a gefe ko wani abu ya sauya.

Aiki: Rubuta saƙon da bai wuce jimla shida ba zuwa ga wani hakimi da makarantarku ta gayyata, kana neman tabbacin sarautarsa, da rubutun sunansa, da bayanan da ya yarda a faɗa.